Ma'anar fihirisar wuri a PostGIS, da yadda ST_DWithin ke nemo abin da ke kusa da kai

Duk manhajar da ke nuna wa mutum abin da ke kusa da shi, tambaya ɗaya take yi wa ma'ajiyar bayanai: ga inda nake tsaye, waɗanne wurare ne ba su wuce kilomita 2 daga nan ba? A ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL, ƙarin da ake kira PostGIS ne ke amsa irin wannan tambaya, kuma tun 2001 yake wannan aiki. Kalmomi biyu ne ke yawan fitowa idan ana maganar: fihirisar wuri da ST_DWithin. Na ga masu rubuta manhaja da dama sun gina fihirisar, amma tambayarsu ba ta taɓa bi ta kanta ba, saboda ba su san abin da ke cikinta ba.

Fihirisa ta yau da kullum, wadda ake kira B-tree, jera abubuwa take yi daga ƙarami zuwa babba, kamar fihirisar bayan littafi. Suna ko lamba na jeruwa a layi ɗaya. Wuri kuwa ba ya jeruwa haka, domin yana da gabas da yamma, yana da kudu da arewa. Idan ka jera ɗigo-ɗigo bisa gabas da yamma kaɗai, biyu na iya zama maƙwabta a jerin alhali kilomita dubu ce tsakaninsu ta arewa. Saboda haka fihirisar wuri akwatuna take ajiyewa. Ana zana wa kowane abu ƙaramin akwati mai kusurwa huɗu da ya kewaye shi, a tara akwatunan da ke kusa da juna cikin wani babba, manyan ma a tara su cikin wanda ya fi su, har a kai ga kaɗan a can sama. Sunan wannan tsari R-tree, kuma PostGIS ya gina shi a kan GiST, wani tsarin gina fihirisa na PostgreSQL. Idan tambaya ta zo, daga sama ake farawa. Duk babban akwatin da bai taɓa yankin da ake nema ba, ana tsallake shi da duk abin da ke cikinsa, ko da ɗigo dubu ɗari ne, ba tare da an duba ko ɗaya ba.

A nan ne abin da ya kamata a riƙe yake: fihirisar ba ta san nisa ba, ba ta san da'ira ba. Tambayar da take iya amsawa ita ce, wannan akwati ya taɓa wancan? A PostGIS alamar wannan tambaya ita ce `&&`. Duk neman da ba a iya mayar da shi maganar akwati ba, fihirisar ba ta da abin cewa a kai.

Mu ɗauki misali. Teburi ne mai ɗigo miliyan ɗaya:

```sql
CREATE TABLE wurare (
  id bigserial PRIMARY KEY,
  suna text,
  wuri geography(Point, 4326)
);
CREATE INDEX wurare_idx ON wurare USING GIST (wuri);
ANALYZE wurare;
```

Abin da hankali ke fara kawo wa mutum shi ne ya auna nisa ya kwatanta:

```sql
SELECT id, suna FROM wurare
WHERE ST_Distance(wuri,
  ST_SetSRID(ST_MakePoint(10, 60), 4326)::geography) <= 2000;
```

Amsar da za ta fito daidai ce, shi ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gano shi ba. Amma ST_Distance lamba yake bayarwa, kuma PostgreSQL ba zai san lambar ba sai ya lissafa ta. Dole ya bi layi miliyan ɗaya, ya auna kowanne a kan doron duniya mai lanƙwasa, sannan ya zubar da kusan duka. Lokacin gwaji da layi ɗari biyar babu wanda zai lura. Sai bayanai sun taru, masu amfani sun yi yawa, sannan a fara ɗora wa na'ura laifi. Ga yadda ya kamata a rubuta:

```sql
SELECT id, suna FROM wurare
WHERE ST_DWithin(wuri,
  ST_SetSRID(ST_MakePoint(10, 60), 4326)::geography, 2000);
```

ST_DWithin eh ko a'a yake amsawa, kuma aikin nasa hawa biyu ne. Da farko yana faɗaɗa ɗigon da ka ba shi da mita 2000 ta kowane gefe ya zama akwati, ya miƙa wa fihirisa ta kawo duk abin da ya faɗa ciki. Bayan haka sai ya auna ainihin nisan waɗanda aka kawo ɗin kaɗai, ya fitar da waɗanda ke lungunan akwatin, wajen da'ira.

Lissafin na da daɗin yi da hannu. A ce ɗigo miliyan ɗayan nan sun bazu daidai wa daida a fili mai kilomita 200 tsawo da 200 faɗi. Murabba'in kilomita 40,000 ke nan, wato ɗigo 25 a kowane ɗaya. Akwatin da ya kewaye da'irarmu kilomita 4 ne ta kowane gefe, murabba'in kilomita 16, don haka fihirisa za ta kawo kimanin ɗigo 400. Ita da'irar girmanta wajen 12.57 ne, ɗigo 314 ke nan. Za a zubar da kusan 86. An auna 400 maimakon miliyan ɗaya. A shimfiɗaɗɗen fili da'ira na cin kashi 78.5 cikin ɗari na akwatin da ya kewaye ta, don haka zubar da kusan ɗaya cikin biyar ba alamar matsala ba ce. Ga nau'in `geography`, akwatin mai ɓangare uku ne da aka auna daga tsakiyar duniya, saboda haka lambar da za ka gani a naka teburin za ta bambanta da wannan, amma hawa biyun ba sa canzawa.

Kada ka yarda cewa fihirisa na aiki don kawai ka gina ta. Saka `EXPLAIN ANALYZE` a gaban tambayar ka karanta abin da ya fito. Idan ka ga `Seq Scan on wurare` tare da `Rows Removed by Filter` mai lamba kusa da miliyan, an bi teburin kaf. Idan ka ga `Index Scan` ko `Bitmap Index Scan` da sunan fihirisarka, kuma layin `Index Cond` na ɗauke da `&&`, to an bi ta akwati. Wannan dubawa ba ta cin minti ɗaya, kuma ni ban san wata hanya da ta fi ta ba.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne ma'auni. PostGIS na da nau'i biyu na ajiye wuri. A `geography`, lambar nisa mita ce. A `geometry` kuwa, lambar na bin ma'aunin tsarin taswirar da aka ajiye bayanan da shi, kuma tsarin 4326, wanda bayanan GPS ke zuwa da shi, da digiri yake awo. Wanda ya rubuta 2000 a kan `geometry` mai 4326 ya nemi duk abin da ke cikin digiri 2000, alhali zagayen duniya duka digiri 360 ne. Babu gargaɗin da zai fito. Teburin gaba ɗaya za a dawo masa da shi, kuma wannan ce alamar: amsa ta yi yawa fiye da hankali, tambaya kuma ta yi nauyi duk da fihirisa.

Wasu na gyara wannan da raba mita da 111,000, tun da digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne. Mita 2000 sai ta zama digiri 0.018. Ta arewa da kudu lissafin ya yi. Ta gabas da yamma kuwa digiri na tsukewa yayin da ake nisa da layin tsakiyar duniya. A latitud 60, wato digiri 60 arewa da wannan layi, inda misalinmu yake, digiri ɗaya bai kai kilomita 56 ba, don haka 0.018 kilomita ɗaya kacal zai rufe ta gabas. Abin da aka zana ya koma siffar ƙwai, kuma wurin da ke kilomita ɗaya da rabi gabas da kai ya ɓace daga amsa. Wannan ya fi na farko haɗari a ganina, domin amsar na kama da gaskiya. Tsarin 3857 na taswirorin intanet ma bai tsira ba: sunan ma'auninsa mita, amma a latitud 60 yana nuna nisa ninki biyu. Idan bayananka na yanki ɗaya ne, tsarin UTM na yankin a kan `geometry` yana ba da mita ta gaske kuma lissafinsa ya fi sauƙi. Idan sun bazu a duniya, ka tsaya kan `geography`.

A kula kuma da jerin lambobi: ST_MakePoint longitud, wato lambar gabas da yamma, yake karɓa da farko, sannan latitud. Mutane sun saba faɗin latitud da farko. Idan aka juya su, ɗigon ya koma wani wuri mai nisa, amsa ta dawo babu komai.

Akwai wanda teburinsa `geometry` ne tun asali, ya gane batun digiri, sai ya rubuta `geom::geography` a cikin ST_DWithin. Yanzu nisan ya zama mita, amsa ta gyaru, amma sauri ya tafi. Dalili shi ne fihirisar a kan `geom` aka gina ta, tambayar kuwa wani abu daban take nema, wato `geom` bayan an sauya shi. PostgreSQL na amfani da fihirisa ne idan abin da ke cikin tambaya ya yi daidai da abin da aka gina ta a kai. Maganin shi ne a gina wata a kan sauyin kansa:

```sql
CREATE INDEX wurare_geog_idx
ON wurare USING GIST ((geom::geography));
```

Haka abin yake ga ST_Transform. Idan za ka sauya tsarin taswira, sauya ɗigo ɗayan da kake nema da shi, ka bar ginshiƙin teburi yadda yake.

Zana da'ira da ST_Buffer sannan a tambaya da ST_Intersects na bi ta fihirisa, amma aikin banza ne. Abin da ST_Buffer ke zanawa siffa ce mai gefe 32 idan ba a ce masa komai ba, don haka ɗigon da ke dab da bakin da'ira na iya faɗawa waje.

Fihirisar na da iyaka, kuma ba kowane `Seq Scan` ne laifi ba. Idan ka nemi kilomita 150 a filin nan mai kilomita 200, kusan duk teburin ne amsa, kuma PostgreSQL ya yi daidai idan ya karanta shi kai tsaye. Yana yanke wannan hukunci ne bisa ƙididdigar da `ANALYZE` ke tarawa, shi ya sa ake gudanar da shi bayan an loda bayanai masu yawa.

Wata iyakar ta fi ɓuya. A ce kowane layi na da nasa nisan a wani ginshiƙi mai suna `nisa`, kuma kana son wuraren da da'irarsu ta rufe inda kake. Idan ka ba ST_DWithin wannan ginshiƙi a matsayin nisa, babu akwati ɗaya da za a miƙa wa fihirisa, domin girmansa na canzawa daga layi zuwa layi, sai a koma bin teburi duka. Idan ka san babu nisan da ya wuce mita 5000 a teburin, sai ka rubuta sharaɗi biyu: ST_DWithin na farko da tsayayyen 5000, wanda fihirisa za ta ɗauka ta rage layukan, na biyu kuma da `nisa`, wanda za a auna a kan ragowar kaɗai.