Bidiyon waya da gyaran juna a darasin dogon tsalle: amsa ga malaman motsa jiki

Malam, dole sai da kyamara mai tsada?

A'a. Wayar da ke aljihunka ta isa, kuma na gaji da maimaita wannan. Buɗe kyamararta ka nemi inda aka rubuta Slow motion, shi ke nan. Dalili kuwa, ƙafar mai tsalle ba ta daɗewa a kan katakon tashi, abin kusan kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa ne. Bidiyon da muka saba ɗauka hoto 30 yake kamawa a daƙiƙa, don haka tashin gaba ɗaya hoto uku ko huɗu ne, su ma a dishe. Mai kama 120 zai ba ka kusan goma sha biyar. In wayarka ba ta da shi, yi aiki da abin da kake da shi, ka riƙa tsayar da bidiyon kana ja da yatsa.

Ina mai ɗauka zai tsaya?

A gefe, daidai saitin katako, kamar mita takwas zuwa goma daga hanyar gudu. A kwantar da wayar, a riƙe ta daidai tsayin ƙugu, rana a bayan mai ɗauka. Kada ya bi yaro da waya. A tsayar da ita wuri ɗaya, ko a kan kujerar aji, yadda taku uku na ƙarshe da katako da ramin yashi duk za su shiga. Bidiyon da aka ɗauka daga gaban rami, yaro na tahowa kamar zai faɗa kan mai ɗauka, daɗin kallo kawai gare shi. Ba za ka ga tsawon taku a cikinsa ba, ba za ka ga inda yatsu suka sauka ba.

Yaran da su ma ba su iya ba, ta yaya za su gyara wa juna?

Wa ya ce su gyara? Aikinsu su faɗi abin da suka gani. Yaro ɗan aji ɗaya na babbar sakandare ba zai iya gaya maka dalilin da ya sa abokinsa ba ya tashi sama ba, amma yana da ido, zai iya cewa tafin ƙafa ya sauka gaba ɗaya ko kan yatsu kawai. Ni tambaya uku nake rubuta musu a kwali, amsar kowacce i ko a'a. Ya rage gudu a taku uku na ƙarshe? Gwiwar ƙafar da ba ta kan katako ta ɗago har cinya ta yi daidai da ƙugu? Da ya dira, gaba ya wuce ko baya ya zauna? A darasi ɗaya ma ɗaya daga cikinsu muke bi.

Ranar da na fara wannan aiki na bar su sakaka, na ce kowa ya gaya wa ɗan'uwansa kuskurensa. Abin da na ji shi ne “kai dai ba ka iya ba” da dariya, wani yaro ya koma gindin dogonyaro ya zauna, bai ƙara tsalle ba ranar. Laifina ne. Tun daga nan doka ta zama mai tsalle shi ke fara kallon bidiyonsa, shi ke fara magana, sannan abokinsa ya faɗi abu ɗaya da ya yi daidai da abu ɗaya da ya gani a kwali. Wanda ya yi ba'a ya bar riƙon waya, ya koma baje yashi.

Ina da ɗalibi mai gudu sosai, amma kullum sai ya taka layi. Abokansa sun ce ya ja alamar da yake fara gudu baya, ya ja, bai daina ba. Me zan yi?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ce maka ga magani ɗaya ba, don ban ga yaron ba. Taka layi alama ce kawai, kamar zazzaɓi, abubuwa da yawa ke kawo ta. Shawarar abokansa tana aiki a hali guda kaɗai: in kullum wuce layin da yake yi kusan daidai ne. Wanda ke wucewa da santimita goma, goma sha biyu, takwas, gudunsa a daidaite yake, ja masa alama baya da tsawon tafin ƙafa ɗaya ka huta. Naka ya ja bai daina ba, saboda haka ina zaton matsalar na wani wuri.

Bari in ba ka labarin wani yaro da na koyar, watakila ya yi kama da naka. Taku goma sha huɗu yake yi. Na sa shi tsalle biyar, da hutu mai kyau tsakani, ɗalibi ɗaya na ɗauka a gefe, wani tsugune a bakin katako da ma'auni. Na farko ya wuce layi da santimita 6, na biyu ya tashi saura 25 kafin layi, na uku ya wuce da 15, na huɗu ya hau katako daidai, na biyar ya sake wucewa. Ka ga babu wata alama a duniya da za ta gyara wannan, domin ƙafar ba wuri ɗaya take sauka ba. Ka kuma lura da tsalle na biyu. An auna masa mita 4.10 tun daga layi, alhali daga inda yatsunsa suka bar ƙasa mita 4.35 ya yi. Ya yi asarar santimita 25 kafin ma ya tashi.

Da muka kalli bidiyon a hankali, sai ga shi a taku huɗu na ƙarshe ya sunkuyar da kai yana neman katako da ido. In ya ga kamar ba zai kai ba sai ya miƙe ƙafa, in ya ga zai wuce sai ya riƙa gutsura taku. Abokinsa ne ma ya fara ganin haka, ya ce, “Malam, ƙasa yake kallo.” Amma kada ka yi saurin cewa ya daina kallo a wuce wurin. Kowane mai tsalle, har manyan 'yan wasa, yana ɗan daidaita takunsa da ido idan ya kusa katako. Abin tambaya shi ne me ya sa nasa gyaran ya yi yawa haka.

Sai na sa aka mayar da wayar farkon hanya, muka kuma share ƙasar da tsintsiya don sawu ya fito. Nan asiri ya tonu. Wani lokaci da ƙafar dama yake farawa, wani lokaci da hagu, wani lokaci kuma ya ɗan yi tattaki kafin ya taka alamar. Sawunsa na huɗu a gudu biyar ya warwatsu fiye da rabin mita. Wato tun daga farko yake ɓata lissafin, a ƙarshe yana ƙoƙarin biyan bashi.

Abin da muka yi: ya fara a tsaye cik, ƙafa ɗaya a kan alama, ita ɗin dai kullum. Muka rage gudun zuwa taku goma. Muka zuba toka a inda sawunsa na huɗu ya kamata ya sauka, aka ba wani ɗalibi aikin kallon wurin kawai. Katakon kuwa, wanda faɗinsa santimita 20 ne kacal, muka bar shi na ɗan lokaci, muka shata fili mai tsawon mita ɗaya da toka, ya tashi daga ko'ina a ciki, a auna daga sawunsa. Da fargabar layi ta tafi, kansa ya ɗago da kansa. Bayan wasu makonni muka mayar da shi katako.

Zai yiwu naka ba haka ba ne. Wani yaron gudun ne ya yi masa tsawo, ya kai ƙarshen ƙarfinsa tun a tsakiya, ya iso katako a gajiye. Wani kuma iska ce. Lokacin hunturu a nan Sakkwato, in iska na bayansa takunsa zai ƙaru, alamar da aka auna ranar da babu iska ba za ta yi ba. Takalmi ma na canja lissafi, haka ƙasar da ta yi laushi. Don haka kafin ka taɓa alamar yaro, ka samu tsalle biyar da aka auna da bidiyo biyu, ɗaya a katako, ɗaya a farkon hanya. In bayan wannan duka abin bai fito ba, kada ka damu, kuma kada ka tsangwame shi. Yaron da ke cikin girma ƙafarsa na ƙara tsawo, alamar zangon karatun da ya wuce ba lalle ta dace da shi yanzu ba.

In nuna musu bidiyon zakarun duniya?

Sau ɗaya, don su san inda abin ya kai. Su san Chioma Ajunwa ta ci zinare a Atlanta a 1996 da mita 7.12, kuma mita 8.95 da Mike Powell ya yi a 1991 har yau ba a karya ba. Amma kada ka sa ɗan shekara goma sha biyar kwaikwayon tuƙa ƙafa a sama. Bai daɗe a iska yadda zai yi hakan ba. Ya ja gwiwoyi sama, ya miƙe dugadugai gaba, ya isa.

'Yan mata fa?

Haba Malam, wannan ma sai an tambaya? Malama ce za ta ɗauka, da izinin shugabar makaranta da sanin iyaye. A kalla a fili, a goge a gaban yarinyar kafin a tashi. Bidiyon 'yar mutane ba ya kwana a wayar kowa, ba ya shiga WhatsApp, ko na malamai ne. Na maza ma haka nake yi.

Ajina mutum sittin ne, waya ɗaya, minti arba'in.

Cire minti goma na ɗumama jiki, saura talatin. Tsalle da kallo da magana na cin kusan minti biyu ga kowane yaro, wato mutum goma sha biyar a darasi. Darasi huɗu kowa ya samu. Sauran ba zama za su yi ba: raba su huɗu-huɗu, su shata hanyoyinsu a gefe suna gudu suna duba sawun juna. Kallon ya zama nan take, a inuwa, domin a ranar Afrilu ba ka ganin komai a fuskar waya, ita kanta wayar zafi take yi ta ƙi ɗauka.

Makin da yara suka ba juna zai shiga rijista?

A'a. Ranar da suka san zai shiga, kowa zai cika wa abokinsa i, i, i. Maki aikinka ne, Malam. Kuma kafin kowa ya yi tsalle, sa a tone yashin da shebur ya yi laushi, a tsince ƙarangiya da duwatsu.