Dokar leda a Kamaru: wacce aka hana, wacce mai ƙulla yaji zai iya saye

Duk lokacin da ma'aikatan muhalli suka zagaya kasuwa a Garwa ko Marwa, sai magana ta bazu cewa gwamnati ta hana zuba abinci a leda gaba ɗaya. Mata masu shirya yaji, garin kuka da busasshiyar kuɓewa don shagunan birni su ne suka fi razana, har wasu su fasa sayen injin liƙe leda. To ba haka dokar ta ce ba, kuma ba sabuwa ba ce.

Ma'aikatar muhalli da ta kasuwanci ne suka sa hannu a kanta tare ranar 24 ga Oktoba 2012, ta fara aiki a Afrilu 2014. Abin da ta hana shi ne ledar da ba ta ruɓewa wadda kaurinta bai wuce maikuron 60 ba. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ta shafi mai ƙerawa, mai shigowa da ita, mai sayarwa, mai ajiyewa, har da mai ba da ita kyauta. Don haka cewa "ai yajin nake sayarwa, ledar kyauta ce" ba ya fitar da kowa.

Ledar da ta haura 60 halas ce. A lura, sai ta haura: mai 60 cif tana cikin haramtattu. Takardar izinin muhalli da ake tsorata mutane da ita kuwa, a wuyan masu ƙera leda, masu shigo da ita da masu kasuwancinta take. Dokar ta kuma ce a buga kauri da sunan kamfani da adireshinsa a jikin ledar, saboda haka ƙunshin da ya zo babu rubutu ko kaɗan abin tuhuma ne. Kwalbar man gyaɗa ta wuce wannan kauri nesa ba kusa ba, amma man da ake ƙullawa a farar leda mai shara-shara ya faɗa ciki tsundum.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen saye. Ɗan kasuwa zai ce "wannan 80 ce, Hajiya", alhali ya haɗa kaurin gaba da bayan ledar ne, kowanne 40. Yatsa ba ya bambance 50 da 65, amma sikelin da kike auna yaji zai iya. Ɗauki leda mai faɗin santimita 12 da tsawon 18, marar zif. Gaba da baya, faɗin robarta santimita murabba'i 432 ne. Idan kaurinta 60 ne, kowace ɗaya za ta kai kusan giram 2.4, wato guda 100 su ba da kusan giram 240. Ƙirga ɗari ki ɗora. In kin ga 160, mai 40 aka ba ki, mayar masa. In kin ga 280, kina wajen 70, kin tsira. Mai zif ba ta aunuwa haka, domin zif ɗin yana ƙara nauyi. Ki kuma karɓi rasit mai nuna kauri da sunan mai sayarwa, ki adana.

Hukuncin da aka fi gani shi ne ƙwace leda da cin tara. Ga mai ƙananan kaya, ƙwacen ya fi ciwo, tunda yajin yana cikin ledar. Duk wanda ya zo bincike, a nemi ganin takardar aikinsa, kuma kuɗin da aka biya a karɓi rasit a kansa.

A ganina, akwai rashin daidaito wajen aiwatarwa. Siririyar leda tana kwararowa ta kan iyakar Najeriya, ta fi araha, kuma mai tebur ce ake iya kamawa cikin sauƙi, ba mai lodin mota ba. Amma ga mai son kayanta su zauna a kantin birni, dokar ba ta cuce ta ba. Siririyar leda tana barin ƙamshin yaji ya fice, danshin damina ya shiga kuka ta dunƙule, kaifin busasshiyar kuɓewa kuma ya huda ta. Sai dai mai kauri ma ba ta gyara kayan da bai bushe ba. Idan kuɓewa tana lanƙwasa maimakon ta karye ƙas, liƙe ta zai sa gumi ya taru a ciki, fumfuna ta biyo baya.

Rubutun da ke kan kayan, wato suna, nauyi, abubuwan haɗi da ranar lalacewa, wata ƙa'ida ce dabam ta ANOR, hukumar kula da ingancin kaya ta Kamaru. Kyakkyawar takarda a kan leda mai 40 ba ta halasta ta.