Fassara koke daga Hausa zuwa Turanci: ina ƙarfin maganar yake zubewa?

Malam, yayana ya faɗa mini kokensa da Hausa kan albashinsa na wata uku da aka riƙe, na juya masa shi Turanci kalma bayan kalma. Da na karanta sai na ji kamar bara yake yi. Ina na kuskure?

Kalmomin ka kawo su daidai. Matsalar ita ce harsunan biyu ba wuri ɗaya suke ajiye ƙarfin magana ba. Bahaushe idan yana neman haƙƙinsa wurin na gaba da shi, da ladabi yake shiga: gaisuwa, fatan alheri, sannan "don Allah a taimaka a duba lamarin nan". Duk mai jin Hausa ya san wannan mutum ba alfarma yake nema ba, haƙurinsa ne ya kusa ƙarewa. Amma jami'in da zai karanta takardar Turanci a ofis bai ji muryar ba, bai ga fuskar ba. Abin da ke gabansa kawai shi ne wani yana neman a taimaka masa, shi kuwa taimako ana iya yinsa, ana iya barinsa.

Takardar koke ta Turanci da wasu abubuwa take tsayawa da ƙafarta: me ya faru, ranar nawa ga wata, wa ke da alhaki, me ake so a yi, kuma zuwa yaushe. Mu ɗauka yayanka cewa ya yi: "Wata uku ke nan ba a ba ni ko sisi ba. Na je ofis na yi magana, aka ce in dawo. Na koma, aka ce ana dubawa. Don Allah a taimaka, ina da iyali." Abin da ya kamata Turancin ya ƙunsa, idan muka dawo da shi Hausa, shi ne: "Kamfanin bai biya ni albashin Janairu da Fabrairu da Maris ba. Na kai ƙorafi ga sashen kuɗi ranar 5 ga Fabrairu, na sake kaiwa ranar 10 ga Maris, ba a ba ni amsa a rubuce ba. Ina neman a biya ni albashin watannin nan uku gaba ɗaya."

Ka lura da "aka ce" da "ba a ba ni ba". Hausa tana da wannan lamiri da ke sakaya sunan mai aiki, muna kuma amfani da shi don kara. Idan ka bar shi haka a Turanci, jimlar za ta fito babu mai laifi a cikinta, kamar albashin ne ya ɓata da kansa. Ka tambayi yayanka wanda ya ce masa ya dawo, ka rubuta ofishin ko muƙaminsa. Ladabi kuma ba a jefar da shi ba: gaisuwar buɗe takarda da ta rufewa sun wadatar. Zancen iyali yana iya zama, amma jimla ɗaya, bayan an gama kafa hujja, don kada ya zama shi ne dalilin biyan.

To ranakun da ya faɗa ba su fito fili ba. Cewa ya yi "kwana biyu da suka wuce".

Nan masu fassara da yawa suke faɗawa rami. "Kwana biyu" a bakinmu yakan kai mako uku, har wata. Haka "na je ya fi sau goma" sau da yawa yana nufin na je har na gaji. Idan ka rubuta biyu ko goma da lamba, sannan aka buɗe rajista aka ga sau huɗu ya zo, za a kama wannan a yi watsi da sauran gaskiyarsa. Ku zauna da shi ku duba saƙonnin wayarsa da takardun biyan albashi na baya, ku fitar da ranakun da za a iya tabbatarwa. Wanda ba a tabbatar ba, a rubuta "a farkon Maris" ko "sau da dama".

Da ransa ya ɓaci ya ce sun cinye masa kuɗi, sun zalunce shi, kuma Allah ya isa. In saka ko in cire?

Kada ka cire fushin, domin nasa ne, kuma yana cikin saƙon. Amma ka auna nauyin kowace kalma a can inda za ta sauka. "Sun cinye mini kuɗi" a Hausa kuka ne na wanda aka hana haƙƙinsa. Idan ka ɗauko kalmar Turanci ta sata ko zamba ka ɗora a kai, ka mayar da koke ya zama zargin aikata laifi, a rubuce, da sa hannun yayanka a ƙasa. Daga nan sai a bar zancen albashi a koma neman ya kawo hujjar sata, wataƙila ma a ce ya ɓata wa wani suna. Abin da yake da hujjarsa shi ne an riƙe masa kuɗin da ya yi wa aiki ba tare da an ba shi dalili ba. Wannan za ka rubuta, ka ƙara da cewa bai amince da hakan ba.

"Allah ya isa" kuwa akasin haka yake yi. A wurinmu magana ce mai nauyi ƙwarai, ma'anarta ban yafe ba. Idan aka juya ta yadda take, wanda bai san Hausa ba zai fahimci cewa mutumin ya bar wa Allah, ya haƙura, an wuce wurin. Saboda haka ma'anar za ka ɗauka: bai janye ba, kuma yana kan neman haƙƙinsa har sai an biya.

Zan iya ƙara cewa zai kai su kotu idan ba su biya cikin mako biyu ba, don takardar ta yi ƙarfi?

Sai idan shi ya ce. Wa'adi da mataki na gaba suna ƙarfafa koke sosai, don haka ka ba shi shawarar ya sa su, amma shi zai zaɓi ranar, shi zai zaɓi matakin. Mutum yana iya son kuɗinsa kuma yana son ya ci gaba da aikinsa a wurin. Barazanar da bai shirya cikawa ba, ranar da wa'adin ya wuce shiru, ta rage masa ƙima.

Kafin ya sa hannu, ka karanta masa takardar da Hausa jimla bayan jimla, ba a dunƙule ba. In da hali ma, wani daban wanda bai ji labarin ba ya karanta Turancin ya faɗa masa abin da ya fahimta. Idan yayanka ya ce "ai ban ce haka ba", ka yi ƙari. Idan ya ce "shi ke nan abin da ka rubuta?", ka yi ragi.

Idan amsa ta zo da Turanci fa?

Ka yi hattara da daɗin bakin takardun ofis. Jimlar da ke nuna ba su ji daɗin wahalar da aka sha ba, ba amsa laifi ba ce, kada ka ce masa "sun ba ka haƙuri, sun yarda da kuskurensu". "Za mu duba" daban, "za mu biya" daban. Ka kuma bambanta inda suka ce mai yiwuwa su yi da inda suka ce za su yi. Idan suka ce cikin kwanakin aiki 14, ka bayyana masa cewa ba a ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutu a mafi yawan ofisoshi, wato kusan mako uku ke nan. Ku ƙirga tare, ku rubuta ranar da wa'adin zai cika, ya adana amsar tare da kwafin kokensa, domin da su zai rubuta takarda ta biyu idan ranar ta zo ba a biya ba.