Mene ne ƙiyasin matsakaici ta hanyar tsakiyar rukuni?

A ce mai kiwo ya auna ragunansa 20 kafin Babbar Sallah, amma bai rubuta nauyin kowane rago daban ba. Sai ya kasa su rukuni-rukuni: masu kilo 20 zuwa 29 guda 3 ne, masu 30 zuwa 39 guda 7, masu 40 zuwa 49 guda 6, masu 50 zuwa 59 kuma guda 4. Yanzu an tambaye ka matsakaicin nauyin rago a garken nan. Da ana da nauyin kowanne, ai sai a tara a raba da 20 a huta. To babu, jadawalin ya haɗiye su. Ragunan nan bakwai da ke rukuni na biyu, wani zai iya zama kilo 31, wani 38, takarda ba ta faɗa ba.

Dabarar da ake yi ita ce a naɗa wa kowane rukuni wakili, wato lambar da ke tsakiyarsa. Ana haɗa farkon rukunin da ƙarshensa a raba biyu. Na farko 20 da 29 sun ba da 49, rabinsa 24.5. Sauran kuma 34.5, 44.5 da 54.5. Daga nan sai mu ɗauka kamar kowane rago nauyinsa daidai yake da tsakiyar rukuninsa.

Sai a ninka kowace tsakiya da yawan ragunan da ke cikinta. Raguna 3 masu 24.5 sun ba da 73.5, raguna 7 masu 34.5 sun ba da 241.5, raguna 6 masu 44.5 sun ba da 267, raguna 4 masu 54.5 sun ba da 218. Jimilla kilo 800 ke nan, kuma wannan shi ne ƙiyasin nauyin garken gaba ɗaya. A raba da 20, matsakaici ya fito kilo 40. A littafin lissafi da takardun WAEC da NECO haka ake rubuta shi:

```
x̄ = Σfx / Σf
```

A nan x̄ shi ne matsakaici, Σ tana nufin jimilla, x ita ce tsakiyar rukuni, f kuma yawan abin da ke cikinsa.

Me ya sa ake cewa ƙiyasi? Dubi manyan ragunan nan huɗu. Mun lissafa musu kilo 218. Idan a zahiri nauyinsu 50, 51, 51 da 52 ne, jimillarsu 204 ce, mun yi musu ƙarin kilo 14 da ba su da shi. Wannan kaɗai zai sauko da amsar gaskiya zuwa 39.3. Sau da yawa ƙarin da aka yi a wani rukuni da ragin da aka yi a wani suna cinye juna, shi ya sa dabarar take aiki. Kuskuren ma yana da iyaka: ko da duk ragunan sun taru a ƙasan rukunansu, matsakaicin 35.5 ne, in sun taru a sama kuma 44.5. Wato faɗin rukuni shi ke yanke girman kuskure, in aka faɗaɗa rukunan ƙiyasi ya ƙara rauni.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wajen rabawa. Na sha ganin wanda ya raba 800 da 4, don rukunai huɗu ne, ya rubuta 200 hankalinsa kwance. Rago mai kilo 200, ai wannan ya zama sa! Duk amsar da ta fita daga tsakanin 20 da 59 ba sai an sake dubawa ba, an ɓata. Wani kuma ya tara tsakiyoyin huɗu ya raba da 4, ya samu 39.5. Wannan ya fi haɗari domin ya yi kama da daidai, alhali an ba rukuni mai raguna 3 ƙarfi ɗaya da mai raguna 7.

Ita tsakiyar ma sai an lura da yadda aka rubuta rukunin. Idan aka ce daga 20 zuwa ƙasa da 30, tsakiyar 25 ce. Haka shekarun haihuwa: wanda saura kwana ɗaya ya cika 30 har yanzu ɗan 29 ne, don haka rukunin 20 zuwa 29 na shekaru yakan ɗauki 25.

Akwai kuma rukunin da ba shi da rufi, kamar a ce kilo 50 zuwa sama. Wannan ba shi da tsakiya. Abin da aka saba yi shi ne a ba shi faɗin maƙwabcinsa, a ɗauke shi 50 zuwa 59, amma a faɗa a fili cewa zato aka yi. In akwai ƙaton rago mai kilo 90 a ciki, matsakaicin da aka fitar zai gaza na gaskiya, kuma babu abin da zai nuna haka a jadawalin.