Mazaunin bayanai: ajiye bayanan kwastomomi a sabar wata ƙasa

Mazaunin bayanai na nufin ƙasar da sabar da ke riƙe da bayanan take zaune a zahiri. Abin da ake ce ma kilawud ɗin nan ba a sama yake ba, gine-gine ne cike da kwamfutoci, kuma kowane gini yana ƙarƙashin dokar ƙasar da anka gina shi. A AWS misali, wato kilawud ɗin kamfanin Amazon na Amurka, yankin eu-west-1 yana Ireland, af-south-1 kuma yana Cape Town ta Afirka ta Kudu, wato dai shi ma ƙasar waje ne duk da a Afirka yake.

Dokar da ta shafi wanga al'amari a Najeriya ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2023, hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ke kula da ita. Ba ta hana fitar da bayanan mutane waje ba, sharaɗi ta gindaya a sashe na 41 zuwa 43. Dole wanda zai karɓa can ya zama akwai abin da ya ɗaure shi ya ba bayanan isasshiyar kariya, ko dokar ƙasarsu ko yarjejeniya a rubuce, in babu to sai da wani dalili kamar yardar mai bayanan bayan an gaya mishi hatsarin. Kuma sai ka rubuta hujjar da ka dogara da ita ka aje. Bayanan gwamnati daban suke, ƙa'idar 2013 ta hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta ce a cikin gida za a aje su.

Ɗauki kamfanin casar shinkafa a Argungu da ke rijistar manoma, suna, lambar waya, NIN da lambar akawun. Sun zaɓi eu-west-1, sun sa hannu a yarjejeniya, takarda ta yi daidai. Amma yaron da ya haɗa musu sistem ya kunna kwafi na kai tsaye zuwa us-east-1 wai don kada bayanai su ɓace, to daga ranar kowane manomi yana Amurka ma kuma babu takardar da ta ambaci hakan. Nan ne akasari ake faɗawa, ba wajen zaɓen yanki ba. Ga yadda ake dubawa, in sunan bokitin, wato ma'ajiyar bayanan a AWS, manoma ne:

```
aws s3api get-bucket-location --bucket manoma
aws s3api get-bucket-replication --bucket manoma
```

Ta farko tana nuna yankin, in null ta nuna to us-east-1 ne, ta biyu in ta fito da wani bokiti sai a bi shi a ga inda yake. Haka za a bi kamfanin da ke tura ma manoman tes, shi ma lambobin suna hannunshi.

Zaɓen yanki kuma bai raba ka da dokar ƙasar kamfanin da ke da sabar ba, dokar CLOUD Act ta 2018 ta ba hukumomin Amurka damar tilasta ma kamfanoninsu miƙa bayanai ko da sabar tana Ireland.

In anka kutsa sabar can kuma abin na iya cutar da manoman, kamfanin Argungu ne zai sanar da NDPC cikin awa 72 da samun labari, ba mai sabar ba. Tara ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar bara, duk wanda ya fi yawa, manya kuma miliyan 10 ko kashi 2 ɗin.