Kumburin ciki da aman jini: tushensu ɗaya ne, a hanta yake

Wani magidanci, tela ne daga Rigasa, shekararsa ba ta wuce 45 ba, matarsa da ƙaninsa suka kawo mana shi asibiti cikinsa ya yi tulu, cibiya ta turo waje, ƙafafu sun kumbura, amma hannuwa da kafaɗu sun rame. Matar ta ce da ni, "Malam, mun sha maganin sammu har mun gaji, ko za a zuƙe masa ruwan nan ya huta?" Gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wataƙila tun yana yaro, kuma hoton ciki ya nuna hantar ta tsuke ta yi ƙuraje-ƙuraje. Wannan taurarewar hanta ita likitoci ke kira sirosis.

Jinin da ya kwaso abinci daga hanji, haɗe da wanda ya fito daga saifa, duk babbar jijiya guda suke bi su shiga hanta, a tace su, sannan su wuce zuciya. Lafiyayyar hanta laushi gare ta kamar soso, jini na ratsa ta ba wahala. Idan ƙwayar cutar B ko C, ko giya, ko kitse ya shekara da shekaru yana ji mata rauni, kowane rauni sai ya warke da tabo, har tabon ya mamaye ta. Jini ya zo ya tarar da hanya ta ƙuntata, sai ya taru a baya, matsinsa ya hau. Duk wanda ya ga yadda kwata ke yi a Kaduna cikin watan Agusta idan leda ta toshe bakinta ya san abin da zai biyo baya: wani ruwan ya tsattsafo ta gefe, wani ya nemi wata hanya ta cikin gidajen mutane.

Wanda ya tsattsafo shi ne ruwan ciki. Yana zubowa daga jikin hanta da hanji ya taru a sararin da ke tsakanin kayan ciki da fatar ciki. Abubuwa biyu ke ƙara rura shi. Hanta ce ke ƙera albumin, sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi, kuma hantar da ta taurare ba ta ƙera isasshe. Na biyun ya fi muni. Jijiyoyin hanji suna buɗewa, jini ya taru a can, sai ƙoda ta ɗauka jiki ya rasa ruwa, ta shiga riƙe gishiri, gishiri kuma ya riƙe ruwa. Mutum cike da ruwa, ƙodarsa na aiki kamar yana tsakiyar hamada.

Shi ya sa na ce wa matar telan magani daga tukunyarta zai fara. Abin da aka yarda masa na gishiri a yini bai wuce giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikin wannan lissafin har da dunƙulen miya, da kanwa, da yajin tsire, da kilishi, da taliyar leda mai ɗan ƙunshin sinadari. Mutane kan cire gishiri su ninka dunƙule, alhali dunƙulen kansa mafi yawansa gishiri ne. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da lemun tsami suna ba miya ɗanɗano. Ruwan sha kuwa ba a hana shi sai gwajin jini ya nuna dalili. Kuma kada a hana shi wake, ƙwai, kifi ko nama, domin ramar nan ita ma tana kashewa.

Likita ya ɗora shi a kan magungunan fitar da ruwa ta fitsari: sifironolakton miligiram 100, daga baya ya ƙara furosamaid miligiram 40. Muka ce su riƙa auna nauyinsa kowace safiya. Mai kumburin ƙafa kada ya sauke fiye da kilo 1 a yini, marar kumburin ƙafa kuwa rabin kilo. Garaje a nan ƙoda yake kayarwa, ko ya rikita hankali. Saboda cikin ya matse shi har numfashi na yi masa wuya, an sa allura an zuƙe lita 4. Idan abin da za a zuƙe ya haura lita 5, ana ƙara wa majiyyaci albumin ta jijiya, wajen giram 8 a kan kowace lita, don kada ƙoda ta tsaya. Zuƙewar sauƙi ce kawai. Toshewar na nan, ruwan zai dawo idan aka saki gishiri. A kan kai kaɗan daga ruwan ɗakin gwaji, domin ƙwayoyin cuta daga hanji na iya shiga cikinsa. Zazzaɓi, ciwon ciki, ko mutum ya fara barci da rana yana sambatu, duk dalilai ne na komawa asibiti a ranar.

Sai jinin da ya nemi wata hanya. Akwai 'yan siraran jijiyoyi a ƙasan maƙoshi, daidai inda ya haɗu da tumbi, waɗanda ba a halicce su don ɗaukar kaya mai yawa ba. Jinin da hanta ta tare sai ya karkata ta cikinsu, su kumbura su yi jirge, fatarsu ta yi siriri. Ba sa ciwo, ba sa ba da alama, hoton ciki na yau da kullum ma ba ya nuna su sosai. Sai an zura siririn bututu mai kyamara ta baki ake ganinsu. Mun tura telan a yi masa wannan, amma kuɗi ya hana, aka ɗage.

Bayan wata biyu haƙori ya dame shi, ya sayi dikulofenak a kemis ya sha kwana uku. Wannan magani da 'yan uwansa irin su ibufurofen da asfirin suna ƙara haɗarin zubar jini, suna kuma taɓa ƙoda, mai taurarriyar hanta ba ya kusantarsu. Da farko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, mai ɗoyi. Jini ne da ya narke a hanji, amma ba wanda ya gane. Washegari da asuba ya yi aman jini gudaji-gudaji.

Abin da ƙaninsa ya yi daidai ne: ya kwantar da shi a gefe guda don kada ya shaƙe, bai ba shi ko ruwa ba, ya nemo mota, ya taho da 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. A asibiti ana ƙarin jini da lissafi, ana neman ma'aunin jinin da ake kira himogulobin ya tsaya wajen 7 zuwa 8, domin cika jijiyoyi fal na iya sake ɓalle wurin. Ana ba da allurar rage matsin jinin hanji, da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin seftirayazon, sannan a yi ƙoƙarin zura kyamarar cikin awa 12 a ɗaure jijiyoyin da 'yan ƙananan robobi. Jinin da ya taru a hanji na iya rikita ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ba da laktulos, maganin sassauta ciki, don majiyyaci ya riƙa yin bayan gida sau biyu ko uku a yini.

Ya tsira. Yanzu yana komawa ɗaurin roba duk bayan mako biyu zuwa huɗu har jijiyoyin su shafe, yana shan furofaranolol kullum, wanda ke rage matsin da ke cikinsu, ba don hawan jini ba kamar yadda maƙwabcinsa ya so ya gamsar da shi. Da an ga jijiyoyin tun farko, da wannan ƙwaya ko ɗaurin roba aka fara kafin su fashe. Yana kuma shan tenofobir don danne ƙwayar cutar B, da hoton hanta duk wata shida saboda haɗarin sankara. Matarsa da 'ya'yansa huɗu an gwada su. Babban ɗan yana ɗauke da ƙwayar cutar B ana bibiyarsa, sauran an fara yi musu allurar rigakafi, guda uku cikin wata shida.