Lambar da ka samo a Google ba lallai ta banki ba ce

"Malam, an cire min kuɗi a POS ba su fito ba. Na rubuta sunan bankina a Google, lamba ta fito a sama. In kira?"

Kar ka kira. Juya katinka na ATM ka duba bayansa, lambar bankinka tana nan da ƙananan rubutu. Ita za ka kira. Shagona na gyaran waya da POS yana nan Mabera, kuma wannan amsar na ba da ita har bakina ya gaji.

"To ba Google ne ya kawo ta ba?"

Google ba ma'aikacin bankinka ba ne. Abin da mutane suka zuba a intanet yake tattaro maka, mai kyau da ruɓaɓɓe. Layin farko da kake gani sau da yawa ma talla ce, an biya kuɗi aka ɗora ta can, kuma in ka lura za ka ga an rubuta Sponsored a kanta. Ɓarawo ma yana da kuɗin talla. Wasu kuma shafin Facebook suke buɗewa da tambarin kamfanin, su sa lambarsu. Akwai na taswira: a Google Maps kowa na iya danna Suggest an edit ya ba da shawarar a canza lambar wayar wani wuri, wani lokaci kuma ta wuce. Sai ka ga hoton ginin banki na gaskiya, adireshi na gaskiya a Kano Road, amma lambar ta wani ce da ke kwance a ɗakinsa.

"Amma Truecaller ta nuna min sunan bankin."

Sunan da mutane suka adana lambar da shi ne take nunawa, ko wanda mai lambar ya rubuta wa kansa. Ni ma yanzu zan iya sa wa layina sunan da na ga dama. Wannan ba shaida ba ce.

"Na layin waya fa, mi zan kira?"

300. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe gajerun lambobi, don haka MTN, Airtel, Glo, duk 300 ce. In ka kai kuka ba su share maka hawaye ba, 622 ta hukumar ce, kyauta. Mutum ya bar lamba uku ya je yana neman goma sha ɗaya a intanet, wannan kam ban san me zan ce masa ba.

"Ta yaya kira kawai zai kwashe kuɗi? Ai ni na kira su, ba su suka kira ni ba."

Tarkon ke nan. An daɗe ana yi mana wa'azi kan waɗanda suke kira su ce BVN ɗinka ta samu matsala, har tsofaffi sun iya kashe musu waya. Shi ya sa suka juya dabara: su kafa lamba su zauna, kai da ƙafarka ka kawo kanka, hankalinka kwance don kana ganin kai ka neme su.

Wani Alhaji mai harkar albasa, maƙwabcin shagona, haka ta faru da shi. Ranar Juma'a da yamma ya je cirar dubu 85, alat ya shigo, kuɗi ba su fito ba. Ya samo lamba ya kira, bugu ɗaya aka ɗauka. Nan ya kamata ya tsargu, don layin banki na gaske sai na'ura ta gama yi maka danna ɗaya danna biyu, ka sha kiɗa har katin wayarka ya kusa ƙarewa. Muryar ta gaishe shi da Turanci, da ta ji harshensa ta koma Hausa, har da "sannu Alhaji, Allah ya huci zuciyarka". Aka ce za a mayar masa da kuɗinsa yanzu, amma sai an tantance katin: lambobin gaba, watan da zai mutu, lambobi uku na baya. Ya karanta. Aka ce saƙo zai shigo da lamba shida, "lambar mayar da kuɗi", ya karanto ta.

Babu wani abu wai shi lambar mayar da kuɗi. Yayin da suke magana, mutumin yana shigar da bayanan katin a wani shafin biyan kuɗi, bankin kuma ya turo OTP don ya tabbatar mai katin ne ke saye. Saƙon da kansa ya rubuta kar a ba kowa, amma Alhaji lambobin kawai idonsa ya gani. Sau uku aka ce "ba ta shiga ba, karanto sabuwar", sau uku ana zarar kuɗi. Abin takaicin, dubu 85 ɗin da ya tayar da hankali a kansu sun dawo da kansu ranar Litinin.

"Me ma'aikacin gaskiya zai tambaye ni?"

Sunanka, lambar asusu, ranar haihuwa, wataƙila kuɗin da ka cire na ƙarshe. Ba zai nemi PIN ba, ba zai nemi OTP ba, ba zai nemi lambobi ukun bayan kati ba. Ba zai ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer ba, don waɗannan manhajoji wayarka suke buɗe wa wani ya gani daga nesa. Ba zai ce ka tura "kuɗin aiki" a asusun wani mutum ba. Kuma in aka ce ka danna wani abu mai kama da wannan, kashe wayar:

```
**21*lamba#
```

Karkatar da kiranka ne zuwa wayarsa. In ka riga ka danna, `##21#` tana warware shi.

"Na riga na ba su lambobin. Kuɗina za su dawo?"

To, zauna tukuna. Wannan ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya ce maka tabbas za su dawo, ko tabbas sun tafi, faɗa kawai yake yi.

Kafin maganar dawowa, tsayar da zubar. Toshe katin ko asusun gaba ɗaya a cikin mintunan nan, ba gobe ba. In kana da manhajar bankin, akwai wurin toshe kati a ciki. In ba ka da ita, bankuna da yawa suna da lambar gaggawa da za a iya dannawa ko daga wayar wani: ta Access `*901*911#`, ta Zenith `*966*911#`. Ka ga na rubuta su, amma ni ma rubutu ne a intanet, saboda haka ranar da ka shiga bankinka ka tambayi tasu daga bakinsu, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Bayan toshewa sai ka kira lambar bayan kati, ka ce damfara ce, ka faɗi lokacin da aka cire da adadin kowane ɗaya. Kar ka ajiye waya sai an ba ka lambar korafi. Kar ka goge saƙonnin alat don haushi, kar ka goge lambar ɓarawon, su ne hujjarka.

Dawowar kuwa ta dogara da inda kuɗin suka sauka da kuma saurinka. In asusun wani banki aka tura su kuma ba a kwashe ba, bankinka na iya sanar da wancan a riƙe asusun, to akwai fata. Amma waɗannan mutanen ba sa barin kuɗi su kwana. Kafin ka gama salati sun rarraba su asusu uku huɗu, ko sun cire a POS, ko sun saye katin waya. Sannan ko an riƙe, sakin kuɗin zuwa gare ka kan ɗauki lokaci, wani sa'in sai an nemi rahoton 'yan sanda ko umarnin kotu. Ga kuma ɗacin da ba a son ji: tunda da bakinka ka karanta OTP, bankin zai iya cewa kai ka ba da izini. Wannan ba ya nufin ka haƙura ka zauna. Yana dai nufin kar ka ci bashi bisa dogaron kuɗin na hanya.

Ranar aiki ta farko ka je reshe da kanka, ko daga Illela kake ko Tambuwal, kuɗin motar bai kai abin da ake magana a kai ba. Rubuta takardar korafi kofi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. A sake maka kati, ka canza PIN da kalmar sirrin manhaja, in kuma ka sauke wata manhaja da suka ce, a goge ta kafin ka sake buɗe asusun a wayar. In mako biyu suka wuce bankin bai warware ba, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta ba ka damar kai ƙara sashensu na kare masu hulɗa da bankuna, a `cpd@cbn.gov.ng`, ka haɗa da lambar korafin da kofin takardar. EFCC ma tana da ofis a nan Sakkwato.

Na Alhajin albasa, an samu riƙe cira ta ukun, ta dawo bayan ya yi zirga-zirga har ya fara cewa ya yafe. Biyun farko har yau shiru. Kuma kar ka ji kunya, ɗan'uwa. Na ga malaman makaranta, na ga masu digiri, sun zauna a kan bencin nan da irin labarinka. Kunyar ce ma ke sa mutum ya ɓoye kwana biyu, a kwana biyun nan kuwa komai ya wuce.

"Wani ya ce zai kwato min kuɗin in na ba shi kaso."

Su ne dai, sun sake riga. Kar ka ba shi ko sisi.

"Rubutun bayan katina ya goge."

Buɗe manhajar bankin, wadda ka saba shiga, ka nemi Help ko Contact us. Ko duba takardar da aka naɗo katin a ciki, ko allon ATM ɗin bankin, ko ka tambayi ma'aikacin reshe. Haka za ka yi da kamfanin wuta da na dish: lambar tana kan takardar bil ko cikin manhajarsu. Abin da nake nufi, lambar ta fito daga abin da kamfanin ya damƙa maka a hannu. In dole sai shafinsu na intanet, rubuta adireshin da kanka kamar yadda yake a kati, kar ka danna wanda bincike ya kawo, don harafi ɗaya suke canzawa.

"Na rubuta korafi a shafinsu na Facebook, wani ya amsa ya ce in bi shi WhatsApp."

Hajiya, kin tsaya tsakiyar kasuwa kin yi shela cewa kuɗinki sun maƙale, me kike jira? Ɓarayin da ke gadin irin waɗannan rubutun suna nan dare da rana. Goge lambar wayarki daga wurin, kar ki bi kowa.

"To in kuɗi suka maƙale, kwana nawa zan jira?"

Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020 ta ce in ATM ɗin bankinka ne, nan take, in ta ƙi kada ya wuce awa 24. Na wani banki awa 48, POS kuma awa 72. Ba kullum ake cika ta daidai ba, musamman in ƙarshen mako ya shiga tsakani. Karɓi rasit ɗin da ya nuna Declined daga mai POS, ko ka ɗauki hotonsa don rubutun yana gogewa cikin zafin nan namu, ka ƙirga kwana uku, sannan ka je banki da shi.